Barci Mai Nauyi: Yadda Ƙaramin Batir Yake Kai Watanni A Cikin Lambu

A bayan gidanmu akwai wani ɗan lambu inda ake renon irin tumatir da attaruhu kafin a kai su fadama a dasa. Duk wanda ya taɓa renon iri ya san jarabarsa: idan ruwa ya yi yawa saiwa ta ruɓe, idan ya yi kaɗan kuwa rana ɗaya ta isa ta kwantar da kome. Ɗan ƙanwata, wanda yake karatun lantarki, ya ɗauki alkawarin haɗa mana wata 'yar na'ura da za a soke a cikin ƙasa, ta riƙa auna danshi tana aiko da sakamakon zuwa waya. Ya sayo ɗan fanel mai ɗauke da aisin da ake kira ESP32, wanda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016, ya haɗa shi da ma'aunin danshi, ya ciro batir ɗaya daga cikin tsohon batirin laftof, irin mai kama da ɗan yatsa da ake kira 18650. Ya zuba su duka a cikin robar abinci mai murfi, ya ajiye a gindin bishiyar lemo. Da la'asar sai ga lambobi suna shigowa waya, muka yi ta murna. Washegari kafin azahar na'ura ta yi shiru.

"Kawu, batirin nan ne ba shi da kyau," in ji shi.

Na ce masa ya yi haƙuri tukuna kada ya ɗora wa batir laifi, ya kawo takarda mu yi lissafi. Abin da muka gano a kan takardar nan, da kuma wanda mita ta nuna mana daga baya, shi nake so in ba mai karatu, domin matsala ce da take cin kusan duk wanda ya fara haɗa irin waɗannan ƙananan na'urori, ko na auna danshin ƙasa ne, ko zafin ɗakin kaji, ko yawan ruwan da ya rage a tanki.

A ɗauki batir a matsayin randa. Girman randar shi ne lambar da ake rubutawa a jikinsa da haruffan mAh. Wutar da na'ura take ja kuwa ita ce yawan ruwan da ake ɗiba, ana auna ta da mili'amfa, wato mA. Idan batir yana ɗauke da 2000 mAh, na'urar da take jan 1 mA za ta yi awa 2000 a kansa, wadda take jan 100 mA kuma awa 20 kacal. Namu batirin da muka gwada shi a caja mai auna cikin batir, kusan 2000 ɗin ya bayar, abin da ba laifi ga tsohon batir. Ita kuwa na'urar, tana farke dare da rana da Wi-Fi a kunne, tana jan kimanin 80 mA. A raba 2000 da 80, awa 25 ke nan. Batir bai ci amanar kowa ba, iyakar abin da ke cikinsa ya bayar.

To amma me na'urar take yi a waɗannan awannin? Auna danshi ba ya ɗaukar rabin daƙiƙa, aika saƙo kuma 'yan daƙiƙoƙi ne. Ƙasar lambu ba ta bushewa cikin minti ɗaya. Ko duk bayan minti 15 aka duba ta ya wadatar. Ashe kusan duk ranar na'urar zaune take ido buɗe tana jira, tana kuma shan wuta kamar mai aiki. Daga nan maganar barci mai nauyi ta taso.

Masu ƙera aisin sun san da wannan, sai suka yi masa matakan barci. Akwai gyangyaɗi, wanda ƙwaƙwalwar take dakatawa amma duk abin da ke cikinta yana nan, tana farkawa ta ci gaba daga inda ta tsaya. A takardar bayanin ESP32 wannan yana jan kimanin 0.8 mA. Akwai kuma barci mai nauyi, inda ake yanke wuta gaba ɗaya daga ƙwaƙwalwa da rediyo da babbar ma'adanar aiki. Ba a barin kome a raye sai wani ɗan sashe da ake kira RTC, mai ɗauke da agogo da ƙaramar ma'adana. Kamar gidan da kowa ya kwanta aka kashe fitilu ne, aka bar maigadi shi kaɗai a zaure da agogo a hannu, an gaya masa ƙarfe nawa zai tashi mutane. Maigadin nan abincinsa kimanin maikro'amfa 10 ne, ana rubutawa 10 µA. Maikro'amfa dubu ne suke yin mili'amfa ɗaya, saboda haka tsakanin na'urar da ke farke tana jan 80 mA da wadda ke barci mai nauyi, bambancin ninki dubu takwas ne.

Akwai abu ɗaya da ke rikita sabon shiga. Wanda ya tashi daga wannan barcin ba ya tuna kome. Aisin yana farkawa ne tamkar yanzu aka kunna shi, ya faro umarninsa daga layin farko, duk lambobin da ya riƙe kafin ya kwanta sun goge. Abin da kawai yake tsira shi ne wanda aka damƙa wa maigadi, wato aka ajiye a ƙaramar ma'adanar RTC, wadda girmanta kilobait 8 ne. Don haka tsarin rubuta umarnin yakan sauya: a tashi, a yi aiki, a saita agogo, a koma barci, shi ke nan. Ga yadda namu ya kasance a ƙarshe, a taƙaice:

```cpp
RTC_DATA_ATTR int zagaye = 0;

void setup() {
  zagaye++;
  aunaDanshi();
  if (zagaye % 8 == 0) aikaSako();
  esp_sleep_enable_timer_wakeup(15ULL * 60 * 1000000);
  esp_deep_sleep_start();
}

void loop() {}
```

Kalmar `RTC_DATA_ATTR` ita ke cewa a ajiye wannan lambar a wurin maigadi. Layuka biyun ƙarshe na cikin `setup` kuwa, ɗaya yana saita agogon farkawa, ɗaya yana kwantar da aisin. A lura da haruffan `ULL` da ke manne da 15. Ana ba agogon lokaci ne da maikro-daƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, sai lambar ta zama ƙatuwa. Gurbin lamba na yau da kullum a wannan aisin ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, wanda bai cika minti 36 ba. Minti 15 yana shiga lafiya, amma ranar da mutum ya ce bari ya mayar da shi awa ɗaya ba tare da waɗannan haruffa ba, lissafin sai ya tumbatsa ya zube, na'urar ta kwanta ta ƙi tashi a kan lokaci, mai ita kuma ya yi ta zargin batir ko waya.

Da yaron ya sa barcin, muka sake lissafi. Kowace farkawa tana ɗaukar kimanin daƙiƙa 5, yawancinsu wajen neman Wi-Fi, tana jan kimanin 120 mA a tsakaice. A lokacin yana aika saƙo ne a kowace farkawa, sau 96 a rana. Idan aka tara, 16 mAh ke nan a rana. Barcin kuma, a kan 10 µA, bai kai rubu'in mAh ɗaya a rana ba. Batir mai 2000 ya kamata ya yi kwana 120 da ɗoriya, wata huɗu cur. Ya yi caji, ya rufe roba, ya mayar gindin lemo yana ta fara'a.

A kwana na huɗu ta sake mutuwa.

A nan ne ainihin darasin yake, kuma a nan ne nake ganin yawancin masu koyo suke karaya su watsar da aikin. Lambar 10 µA da ke cikin takarda gaskiya ce, amma ta aisin ce shi kaɗai. Shi kuwa fanel ɗin da ake saya a kasuwa ba aisi kaɗai ke kansa ba. An yi shi ne don gwaji a kan tebur, ana jona shi da kwamfuta, inda babu wanda ya damu da 'yan mili'amfa. Umarnin barci aisin kaɗai yake kwantarwa. Sauran maƙwabtansa a kan fanel ba su ma san an yi ba. Muka ɗauko mita, muka sa ta a tsakanin batir da fanel, muka jira na'urar ta yi barci. Mita ta nuna 12 mA. Ninki dubu da ɗari biyu na abin da muka sa a lissafi.

Sai muka shiga farautar ɓarayin ɗaya bayan ɗaya. Na farko a fili yake, jar fitilar nan ƙarama da ke nuna cewa akwai wuta a fanel. Tana ci dare da rana a cikin robar da babu mai leƙawa, tana shan wajen 2 mA. Yaron ya ɗora mata bakin ƙarfen like ya ture ta, mita ta sauko zuwa 10. Na biyu shi ne ma'aunin danshin kansa. An jona shi ne kai tsaye da layin wuta, don haka yana ta auna ƙasa a kowane lokaci ko da babu mai tambayarsa. Da muka zare wayarsa mita ta faɗo zuwa 5. Na uku shi ya fi ɓoyewa, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da faffaɗan kunne, an rubuta AMS1117 a bayansa. Regileta ne, aikinsa ya sauko da ƙarfin wuta zuwa bolt 3.3 da aisin yake buƙata. Matsalarsa ita ce yana cin kimanin 5 mA don kansa, ko ana jan wuta ta cikinsa ko ba a ja. A wasu fanel ɗin ma akwai na huɗu, aisin da ke magana da kwamfuta ta kebul, wanda shi ma yakan zauna a farke.

A mayar da 12 mA ɗin nan cikin lissafi a gani. Sau awa 24, ya zama 288 mAh a rana. Aikin gaske, wato aunawa da aikawa, 16 ne kawai. Randar ba ɗiba ke ƙarar da ita ba, a gindi take yoyo. Jimilla 304 a rana, kwana shida da rabi ke nan. Dalilin da ya sa ba ta ma kai haka ba kuwa, shi ma laifin regiletan ne. AMS1117 yana son wutar da ke shigarsa ta ɗara wadda ke fita da kimanin bolt ɗaya. Batirin 18650 yana cika ne a bolt 4.2, daga nan ya yi ta sauka. Tun yana cike da ƙyar yake biyan buƙatar regiletan, da ya ɗan sauko kuwa sai wutar da ke isa ga aisin ta kasa ɗaukar nauyin rediyo, na'urar ta tsaya alhali da sauran caji a cikin batir.

Ita kanta aunawar tana da nata wayo, kuma ya kamata in tsaya a kanta, don mun sha wahalarta. Mita tana auna wuta ne ta hanyar bi da ita ta cikin wani resista da ke cikinta. Idan aka juya ta zuwa ma'aunin µA, resistan babba ne. Barci ba ya damuwa da shi, tun da wutar kaɗan ce. Amma da zarar aisin ya farka ya nemi wuta mai yawa, sai resistan ya shaƙe hanya, ƙarfin wuta ya faɗi, aisin ya mutu ya sake tashi, ya sake mutuwa. Idan an jona shi da kwamfuta za a ga yana ta rubuta `Brownout detector was triggered`. Maganin mai sauƙi ne. A sa guntuwar waya a haɗa bakunan mitar biyu, wuta ta riƙa bi ta wayar ta tsallake mita. A bar na'urar ta tashi, ta gama aikinta, ta kwanta. Sannan a zare guntuwar wayar a hankali, a karanta abin da mita ta nuna, a mayar da ita kafin lokacin farkawa. Masu wannan sana'a da gaske suna da na'urori na musamman, irin su Power Profiler Kit II na kamfanin Nordic, masu zana wutar farke da ta barci a allon kwamfuta, amma mita ta kasuwa da guntuwar waya sun ishe mu kama ɓarayinmu duka.

Gyaran da muka yi shi ne barin fanel ɗin gwaji gaba ɗaya. Yaron ya samo ESP32 tsurarsa, wato ɗan murabba'in nan mai murfin ƙarfe ba tare da sauran tarkace ba, ya like shi a kan ƙaramin fanel mai huji-huji. A madadin AMS1117 ya sa MCP1700, wanda cinsa na kansa bai kai 2 µA ba, kuma ratar da yake nema tsakanin shiga da fita 'yar kaɗan ce, don haka yana iya tatsar batir har ya sauko kusa da bolt 3.5. Shi ma yana da rauninsa: iyakar abin da yake bayarwa 250 mA ne, rediyon ESP32 kuwa lokacin aikawa yana fizgar wajen 240 mA, wani lokaci ma ya ɗara na ɗan ƙiftawar ido. Sai muka ɗora kafasita mai 470 µF dab da ƙafar wutar aisin, ta zama kamar ɗan tulu a kusa da mai ɗiba, tana cike giɓin lokacin fizga.

Ma'aunin danshi kuwa, maimakon a ba shi wuta daga babban layi, sai aka ba shi daga ɗaya daga cikin ƙafafun aisin. Ƙafa ɗaya tana iya ba da 5 mA ba tare da wahala ba. Aisin yana tashi ya kunna ƙafar, ya ɗan jira ma'aunin ya natsu, ya karanta, ya kashe. Wannan jiran dole ne, domin karatun farko bayan kunnawa ba abin dogaro ba ne. Na'urar da ta fi haka cin wuta sai a sa mata taransista a matsayin makunni. Akwai kuma wani ƙaramin yoyo da mutum yake haƙa wa kansa da hannunsa. Don na'urar ta riƙa faɗin yawan cajin da ya rage, akan jera resista biyu tsakanin kan batir da gindinsa a auna tsakiyarsu. Wuta tana bi ta cikinsu kullum. Idan kowanne mai 10k ne, 210 µA ke zuba, ninki ashirin na barcin aisin. Mu mun sa masu 1M guda biyu, tare da 'yar ƙaramar kafasita don karatun ya tsaya, zubar ta koma 2 µA.

Da aka gama, aka zare guntuwar waya, mita ta nuna kimanin 20 µA. Yaron ya yi shiru yana kallonta, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, ko dai mitar ce ta lalace?" Ba ta lalace ba. Daga 288 mAh a rana, barcin ya koma rabin mAh ɗaya.

Yanzu sai ma'auni ya juye. Barci rabi, farke 16. Duk wanda ya kai wannan matsayi ya ci gaba da wahalar da kansa wajen rage barci daga 20 zuwa 15 µA, a ganina ɓata lokaci yake yi, don riba ta koma ɗaya ɓangaren. Tambayar da ta rage ita ce sau nawa ake kunna rediyo, kuma daƙiƙa nawa yake yi a kunne. Auna ƙasa ba shi da tsada, magana da Wi-Fi ita ce mai tsada. Sai muka raba su. Na'urar tana tashi duk minti 15 ta auna, ba ta taɓa rediyo ba, ta ajiye lambar a wurin maigadi ta koma barci, duka cikin rabin daƙiƙa a kan kimanin 50 mA. Sau 96 a rana, wajen 0.7 mAh ke nan. A farkawa ta takwas, wato duk awa biyu, sai ta kunna Wi-Fi ta aika lambobi takwas a tare. Abin da layin `zagaye % 8` yake yi ke nan. Aikawa 12 a rana, 2 mAh. Idan kuma ta ga ƙasa ta bushe fiye da ƙima, ba ta jiran zagaye ya cika, nan take take aikawa. A haɗa rabi da 0.7 da 2, an sami 3.2 mAh a rana. A takarda wannan ya haura kwana 600.

Ban yarda mu rubuta 600 ba, kuma ina roƙon mai karatu kada ya yarda da irin wannan lamba idan wani ya kawo masa. Batirin litiyam yana zubar da cajinsa da kansa ko an ajiye shi a aljihun tebur, kimanin kashi biyu zuwa uku cikin ɗari a wata, kuma zafi yana ƙara masa sauri. A batir mai 2000, wannan ya kusa 2 mAh a rana, ya ninka abin da barcin na'urar yake ci har sau uku ko huɗu. A ƙasarmu inda zafin bazara yake haura digiri 40 a inuwa, robar da aka rufe aka bari a rana takan zama tanda. Sannan ba duk cajin ake iya tatsa ba, dole a bar saura. Idan aka ɗauki 5 mAh a rana, aka kuma ce 1600 ne kawai za a mora daga cikin 2000, an sami kwana 320, wata goma da 'yan kwanaki. Wannan ita ce lambar da zan iya tsayawa a kanta.

Akwai wani tarko guda da ya kusa rushe duk wannan lissafin, kuma ya fi shafar mu da muke inda wuta take zuwa ta tafi. Misalan umarnin da ake koyo da su sukan ce wa aisin ya tsaya ya jira har sai Wi-Fi ya haɗu, ba tare da an sa masa iyaka ba. Wani dare aka ɗauke wuta, 'yar na'urar intanet ɗin cikin gida ta cinye cajinta ta mutu. Tamu ta lambu ta farka a kan lokacinta, ta nemi Wi-Fi ba ta samu ba, ta tsaya jira da rediyo a kunne tana jan sama da 100 mA har gari ya waye. Awa goma a haka ya haura 1000 mAh, rabin batir a dare ɗaya. Mun gane ne saboda lambar cajin da take aikowa ta yi wani irin faɗuwa tsakanin daren da safiya, bayan makonni tana sauka a hankali. Tun daga ranar aka sa mata doka: daƙiƙa 10 za ta nema, in ba ta samu ba ta kashe rediyo ta kwanta, lambobin suna nan a ajiye sai zagaye na gaba. Duk wani wuri a cikin umarnin da aka ce "jira har sai", a bi shi a sa masa wa'adi. Haka kuma idan batir ya sauko ƙasa da bolt 3.5, tana aika gargaɗi sau ɗaya ta daina kunna rediyo, domin batirin litiyam da aka tatse shi har ƙasa da bolt 2.5 yakan lalace, sake yi masa caji kuma yana da haɗari. Saboda haka ne ma muka sa masa ɗan fanel ɗin kariya da ke yanke wuta da kansa.

Agogon maigadi ma ba agogon bango ba ne. Idan ba a ƙara masa kiristal na waje mai 32.768 kHz ba, yana tafiya ne da wani ɗan kaɗawa na cikin aisin wanda saurinsa yake canzawa da zafi da sanyi. Minti 15 ɗinsa na tsakar rana da na asubar hunturu ba ɗaya ba ne, a rana yakan iya kaucewa da mintuna. Ga lambun tumatir wannan ba kome ba ne. Wanda aikinsa yake buƙatar lokaci daidai, sai ya riƙa karɓar lokaci daga intanet duk sanda na'urar ta haɗu.

Game da zaɓen batir, kalmomi kaɗan sun isa. Na gaskiya cikin 18650 yawanci ba ya wuce kimanin 3500 mAh, nauyinsa kuma wajen giram 45. Wanda aka rubuta wa 9900 mAh, aka ɗaga aka ji shi sakayau, ƙarya ce a jikinsa. Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, yana da wajen 220 mAh amma ba ya iya ba da wutar da Wi-Fi yake fizga, sai dai a na'urori masu rediyo mara ci. Fawa-bank kuma bai dace da wannan aiki ba sam, domin yawancinsu suna kashe kansu da zarar sun ga wutar da ake ja ta yi ƙasa sosai, suna zaton an zare waya. Na'urar tana kwanciya sai su yanke mata wuta har da ta maigadi, ba za ta sake tashi ba.

Tamu tana nan a gindin lemo, an ɗora mata kwano a kai saboda rana. Mun yi mata caji kafin a zuba iri, aka reni tumatir aka kwashe aka kai fadama, aka zuba na biyu, ba a buɗe robar ba. Mai karatu, idan kai ma taka tana mutuwa cikin mako ɗaya, kada ka fara da sayen babban batir ko farantin sola. Ka ɗauko mita da guntuwar waya, ka jira ta yi barci, ka karanta abin da take ja. In ka ga lambar da mA a gefenta maimakon µA, to akwai abin da yake farke a kan fanel ɗinka, ka bi shi ka kashe.